Madannin da Ya Ɓata a Makarantar Tuƙi

Da yatsa ɗaya Darakta yake buga rubutu a kwamfuta. Shi ya sa ranar Alhamis ɗin da ya yanke shawarar korar Sakatariya, sai da ya sa ta ta buga takardar korar da hannunta. Ya tsaya a bayan kujerarta ya riƙe ƙugu yana faɗa, ita kuma tana bugawa. Da aka zo kan “rashin biyayya” ya ce ta ƙara wa rubutun kauri. Ta ƙara. Da aka zo kan “lalata dukiyar makaranta” ya ce ta ja layi a ƙasa. Ta ja.

“Ƙara da wannan,” ya ce. “Ta kuma yi fashin aiki ranar Alhamis, goma sha huɗu ga wata.”

“Yallaɓai, ta makon jiya ke nan, mahaifiyata na kai asibiti ranar. Kai ka ba ni izini.”

“Izini na ba ki, ban ce ba fashi ba ne. Rubuta.”

Ta rubuta. Shekararta tara a kan wannan kujera. Da wannan aiki take riƙe da tsohuwa mai ciwon ƙafa da yara uku, kuma a shekarunta ba ta san wani ofis da ke jiran ta ba. Duk da haka ko wasali ɗaya ba ta kuskure ba. Injin buga takarda ya fito da ita, Darakta ya karɓa, ya karanta yana gyaɗa kai kamar shi ya buga, ya ɗora ta a kan teburinsa ya danne da makullan mota. Sa hannu kawai ya rage. Ya ce sai gobe, idan ƙwararriya ta zo ta tabbatar da laifin a gaban shaida, domin shi mutum ne mai adalci. Duk wanda ka ji yana yawan faɗin haka da bakinsa, to babu mai faɗa masa ne.

Makarantar koyon tuƙi ce ƙarama: ɗakuna biyu, motoci uku, da fili a baya inda aka jera tsofaffin tayoyi don koyon ribas. A bangon ofis akwai allon alamomin hanya da rana ta koɗar, sai takardar dokoki goma sha bakwai da Darakta ya kafa. A saman dokokin kuma an rataye takardar shaidar wata bita ta kwana biyu da ya taɓa yi a kan kwamfuta, cikin firam mai ruwan zinariya. Doka ta tara ta ce kada wanda ya ƙara ko ya rage wani abu a kwamfutar ofis sai da izinin Darakta. Wannan dokar Sakatariya ta karya.

Ga yadda abin ya faru. Duk ranar Litinin takan shiga shafin intanet na hukumar da ke ba da lasin tuƙi, ta yi wa sababbin ɗalibai rajista. Ta cike suna, ranar haihuwa da adireshi a ɓangaren hagu. A dama kuma akwai wani akwati, a cikinsa ake ɗora hoton ɗalibi, a ƙasansa ga madannin turawa. Da burauza ɗaya ake wannan aiki, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Tambarinta shuɗi ne, don haka a ofis ake ce mata Shuɗiya.

Litinin ɗin nan ta cike fom tsaf, ta kai ido dama, babu akwati. Babu wurin hoto, babu madanni, sai fari fat. Ta sake loda shafin, haka. Ta kashe kwamfuta ta kunna, haka. Ta je ta faɗa wa Darakta, ya ce sabis ne, ko ɗago kai bai yi ba. Talata ta sake faɗa masa, ya ce hukuma ce, ai kullum haka suke. Ɗalibai goma sha ɗaya suna ta sintiri suna tambayar takardarsu. Ranar Laraba ta gaji, ta sauke wata burauza mai koren tambari, ta shiga shafin da ita. Sai ga akwati, ga madanni, kamar ba su taɓa zuwa ko'ina ba. Kafin azahar ta gama da duka sha ɗayan.

Da safiyar Alhamis Darakta ya zo wucewa ya hango koren tambari a gefen shuɗi. Ya buɗe shafin hukuma a Shuɗiya, ya shiga fom, ya ga ba madanni. Ya buɗe a Koriya, ya ga madanni. Nan take ilimin kwana biyu ya motsa. Baƙuwa ta shigo, 'yar gida ta lalace, ai magana ta ƙare. Litinin da Talata kuwa ya share su daga kansa tas, domin akwai mutanen da ba sa tuna komai sai abin da zai ba su gaskiya.

Ƙwararriyar da ya kira ƙanwar matarsa ce, Auta, mai kula da kwamfutocin wani kamfani. Ta iso ranar Juma'a da hantsi, jakar kwamfutarta a kafaɗa. Daidai lokacin Darakta ma ya iso. Ya tsayar da motarsa a bakin ƙofa kamar kullum, ya fito ya jefa wa Baba Birki makulli.

“Shigar da ita tsakanin waɗancan biyun, in ga ko hannunka bai mutu ba.”

Baba Birki shi ne babban malamin tuƙi na makarantar. Ɗalibai suka sa masa sunan, saboda ko gaisuwa yake yi sai “birki!” ta fito daga bakinsa. Shekara goma sha biyu ke nan kullum da safe ana gwada hannunsa da wannan ribas, kuma har yau ba a faɗa masa sakamako ba.

“Mijin Yaya,” in ji Auta da suka shiga ofis, “ka ce gobara ce, na bar aikina na taho. Ina wutar?”

“Ke dai ba kya girma. Zauna. Ba gyara na kira ki ba, na riga na gano ciwon. So nake ki duba ki tabbatar, in sa hannu.”

“Ka gano ciwo, ka rubuta magani, sannan ka kira likita?”

“Bairos ne, ƙwayar cutar kwamfuta. Wannan koriyar ce ta shigo da shi, ya cinye madannin Shuɗiya.”

“Ya cinye madanni ɗaya ya ƙoshi? Wannan bairos akwai ladabi.”

Baba Birki, da ya shigo ajiye makulli, ya yi tari. Darakta ya ce ya tsaya, dama shi ne shaida. Sakatariya ta tashi daga kujerarta ta ba Auta, ta koma jikin bango ta harɗe hannu. Ta riga ta kwashe kofinta da 'yar dardumarta ta sa a leda.

“Anti, zo kusa,” in ji Auta tana duban Sakatariya. “Ke kika san shafin. Yaushe ya fara?”

“Litinin.”

“Koriyar fa, yaushe kika sa ta?”

“Laraba.”

“Ƙarya ne,” in ji Darakta.

“Ni dai na ji ta faɗa maka ranar Litinin, Maigida,” in ji Baba Birki. “Kana shan shayi.”

“Shaida na ce ka zama, ban ce ka yi magana ba.”

Auta ta juya ga kwamfuta. Ta sa Sakatariya ta shiga shafin a burauzar biyu, ta jera su gefe da gefe a fuskar kwamfutar. Fom ɗaya, adireshi ɗaya. Nan akwati, can fili.

“To, Yaya, bari mu bi abin a hankali, yadda kuke bin mota idan ta ƙi tashi. Kwamfuta ɗaya ce, ko?”

“Ɗaya ce.”

“Layin intanet ɗaya. Shafi ɗaya, a minti ɗaya. Da sabis ne, da duka biyun sun gaza. Da shafin hukuma ne ya faɗi, da Koriya ma ba ta samo shi ba. Saboda haka cire sabis, cire faɗuwar shafi. Abin da ya rage, ko dai shafin ba ya jituwa da irin wannan burauzar gaba ɗaya, ko kuma taku ce take da wani abu a cikinta.”

“Bairos.”

“Za mu zo kansa, ka yi haƙuri, ba zai gudu ba.”

Ta duba ko Shuɗiya ta tsufa ba a sabunta ta ba, ta ga sabuwar fita ce. Ta duba ko an ƙara girman shafin har wani abu ya zame gefe, ta ga yana daidai. Sai ta zaro kwamfutarta daga jaka, ta haɗa ta da intanet ɗin ofis, ta buɗe irin wannan Shuɗiyar, fita ɗaya da tasu. Sakatariya ta sunkuya ta shigar da kalmar sirrin makaranta. Akwati ya bayyana da madanninsa.

“Ka gani? Ni ma ina da Shuɗiya, ina da Koriya, shekara nawa suna zaune a kwamfuta ɗaya ba wadda ta ciji wata. Kuma ga shi tawa ta buɗe. Ke nan shafin ba ya gaba da Shuɗiya. Taku ce ke da matsala, ita kaɗai.”

“Ai abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu,” in ji Darakta. Ba shi yake faɗa ba, amma ba wanda ya tsaya gyara masa.

Auta ta koma kan kwamfutar ofis. A cikin Shuɗiya ta buɗe abin da ta kira tagar sirri. Fuskar ta yi duhu-duhu.

“Tsaya!” Darakta ya matso. “Tagar me? Ashe har da wurin sirri a kwamfutata ban sani ba? Ke Sakatariya, me kike ɓoyewa a ciki?”

“Kowace burauza tana da ita, Yaya. Ba a koya muku a bitar ba? Ko ranar ta uku aka yi wannan?”

Baba Birki ya sake tari, wannan karon har da riƙe ƙirji.

“Amfaninta a nan,” in ji Auta, “tana buɗe shafi kamar baƙon da bai taɓa zuwa ba. Ba ta ɗaukar abubuwan da burauza ta adana a baya. Kuma ƙananan manhajojin da ake maƙala wa burauza ba sa aiki a cikinta, sai in an ba su izini musamman. Anti, shiga.”

Sakatariya ta shiga. Ta buga kalmar sirrin. Fom ya buɗe. A dama, ga akwati, ga madanni, a cikin Shuɗiyar da aka ce an cinye.

“Lah,” in ji Baba Birki. “Ya amayo shi.”

“Koriya tana nan ban taɓa ta ba,” in ji Auta, “kuma ga Shuɗiya ta nuna madanni. Saura abu biyu: ko tsohon ajiya ne ya lalace, ko ɗaya daga cikin 'yan maƙale. Mu fara da mai sauƙi.”

Ta rufe tagar sirri ta koma ta kullum. Ta goge duk abin da burauzar ta adana na shafin hukuma, da guntayen bayanan da ke sa shafi ya gane mai shiga, da tsofaffin kwafin shafin. Shafin ya manta da su, sai da Sakatariya ta sake shiga. A dama fili ne, ba akwati.

“Ba ajiya ba ne. Saura 'yan maƙale.”

Su huɗu ne. Akwai ƙamus, akwai mai nuna yanayin gari, akwai mai haɗa takardu, akwai mai toshe talla. Darakta ya ce a kashe su gaba ɗaya a huta. Auta ta ce idan ta kashe su tare madanni zai dawo, amma ba za a san wanda ya ɓoye shi ba, kuma ai shi mai laifi yake nema. Darakta ya ce haka ne, ya gyara tsayuwa.

Ta kashe ƙamus, ta sake loda shafi. Babu. Ta mayar da shi, ta kashe mai yanayi. Babu. Mai takardu ma haka. Ta kashe mai toshe talla, ta sake lodawa, sai akwati ya faɗo wurinsa. Ta kunna shi, ya ɓace. Ta kashe, ya dawo. Sau uku ta yi, don kada a ce dace ne.

“Yawwa!” Darakta ya buga tebur. “An kama shi. Ke, wa ya ba ki izinin sa wannan kuma? Laifi biyu ke nan.”

“Ba ni na sa ba, Yallaɓai.”

“Ni na sa,” in ji Auta. “Bara. Kai ka kira ni, ka ce tallace-tallacen banza sun hana ka karanta labarai cikin natsuwa. Kana tsaye a nan inda kake.”

Darakta ya sosa gemu. Sannan fuskarsa ta washe, don ya samo mafita. “To ai shi ke nan. Kayanki ne ya yi ɓarna.”

“Da na so haka, da na ɗauki laifin na tafi. Sai dai irinsa ne a kwamfutata, kuma ka ga tawa ta buɗe. Shekara guda yana nan Anti tana rajista lafiya. Wani abu aka ƙara masa kwanan nan.”

Ta ƙura wa fuskar kwamfutar ido. Sai ta juyo a hankali ta dubi mijin yayarta, irin kallon da ake yi wa wanda aka tuna an taɓa ba shi aron wuƙa.

“Yaya, ka tuna ranar na nuna maka wani abu? Na ce idan wata talla ta yi taurin kai, ka nuna ta da linzamin kwamfuta, ka zaɓe ta, ka ce a ɓoye?”

“Ban tuna ba.”

“Ba komai. Shi ya tuna.”

Ta buɗe cikin mai toshe tallar, ta shiga wurin da yake ajiye dokokin da mai kwamfuta ya ƙara da hannunsa. Duk lokacin da aka ce ya ɓoye wani abu, yakan rubuta kwanan wata, da sunan shafin, da abin da aka ɓoye. A tata kwamfutar wurin layi biyu ne. A nan sai da ta yi ta gangarawa. Sittin da uku. Na ƙarshe yana ɗauke da adireshin shafin hukuma.

Ta dakatar da wannan layin kaɗai, ta bar sauran, ta sake loda fom. Akwati ya dawo, mai toshe talla kuwa yana kunne. Sannan ta koma shafin farko na hukumar, inda ake shiga. A dama, a daidai inda Sakatariya ta kwana biyar tana ganin fili ba ta kula ba, sai ga hoto. Wata mata ce cikin kakin hukuma, zaune a bayan sitiyari, ta ɗaga lasin tana murmushi.

“Allah sarki, 'yar nan,” in ji Baba Birki. “Dama ina ta tafi?”

“Korar ta aka yi,” in ji Auta. “Ba takarda. Wanda ya yi abin bai tsaya a hoton ba, ya faɗaɗa zaɓin har ya haɗa da akwatin da hoton ke ciki. Masu shafin kuwa suna ɗaya suka ba akwatin dama a kowane shafi nasu. A shafin farko hoto ne a ciki. A shafin rajista wurin hoton ɗalibi ne da madanni. Shi mai toshe talla ba ya tambaya. An ce masa duk inda ka ga wannan akwati a shafin nan ka ɓoye, yana ɓoyewa. Koriya ba a maƙala mata shi ba, shi ya sa take nuna komai.”

Ta juya kujera. “Mutum nawa suka san kalmar buɗe kwamfutar nan?”

“Biyu,” in ji Darakta. Muryarsa ta ragu. “Ni da ita. Kuma ita ce mai zama a kai.”

“Anti, karanta mana kwanan watan.”

Sakatariya ta sunkuya. Ta karanta a ranta tukuna, sannan ta miƙe. Ta taka zuwa teburin Darakta, ta ɗage makullan, ta ɗauko takardar korarta, ta miƙa wa Baba Birki.

“Baba, kai ne shaida. Layi na shida.”

Baba Birki ya laluba aljihu ya sa tabarau. Ya karanta da ƙarfi, kalma-kalma, yadda yake karanta wa ɗalibai alamomin hanya. “Ta kuma yi fashin aiki ranar Alhamis, goma sha huɗu ga wata.” Ya leƙa kwamfuta. “Nan ma goma sha huɗu.” Ya cire tabarau. “Maigida, ranar ai kai ka wuni a kujerar nan. Har ka aike ni in sayo maka batirin linzami.”

Fanka na juyawa a sama. A fili wani ɗalibi ya saki kuloci da sauri, mota ta yi tsalle ta mutu.

Mutumin kirki a nan kalma biyu zai faɗa, kuma ba su da tsada. Darakta ya zaɓi wa'azi.

“To ni na yi! Na yi, kuma ban yi nadama ba. Shafin hukuma wurin aiki ne ko wurin baje haƙora? Mutum ya buɗe da safe da alwalarsa, mace ta tare shi da murmushi? Ni na tsare idona. Idan tsare ido laifi ne, a rubuta.”

“Ba wanda ya hana ka tsare idonka, Yaya. Kana da wuya, sai ka juya shi. Amma ka tsare idonka, ɗalibai sha ɗaya sun rasa rajista, matar da ta ceto su kuma ita ce a bakin ƙofa da leda.”

“Ta karya doka ta tara.”

“Karanta dokar. Kada a ƙara, kada a rage. Ita ta ƙara ɗaya don aiki ya tafi. Kai ka rage sittin da uku.”

“Sai da izinin Darakta, aka ce. Na ba kaina.”

“Da kyau. To bari mu ga sauran da ka ba kanka izini, kada wani ya sake cinye mana madanni.”

Ta koma saman jerin. Darakta ya ce ba sai an duba ba, lokaci na tafiya. Auta ta ce ai ita ta riga ta ɗauki hutun rabin rana. Ta fara karantawa. Shafin labarai, mai karanta labaran mace ce. Shafin ƙwallo. Wani shagon man baƙanta furfura, sau huɗu. Baba Birki ya dubi gemun Darakta, ya dubi silin. Daga nan sai adireshi ɗaya ya yi ta maimaituwa, layi goma sha ɗaya, daga bara har watan jiya. Auta ta kwafe shi ta buɗe a Koriya.

Darasi ne mai hotuna, mataki-mataki: yadda ake shigar da mota da baya tsakanin motoci biyu, don masu fara koyo. A kowane mataki ga hoton malamar da ta rubuta, wata dattijuwa mai tabarau, tana nuna madubi da yatsa.

“Ikon Allah,” in ji Auta. “Karatunta ka ɗauka, fuskarta ka goge. Sau sha ɗaya. An dai iya yanzu?”

“Bincike nake yi saboda ɗalibai.”

Baba Birki bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon makullin da ke kan tebur. “Shekara sha biyu,” ya ce a hankali. “Ni ina cewa hannuna ake gwadawa. Har addu'a nake yi kafin in sa giya.”

Auta ta ɗauko wayarta ta ɗauki hoton jerin. Darakta ya tambayi na mene ne. Ta ce rahoto, ai ya ce ta tabbatar. Kuma yayarta, matarsa, ta ce idan ta gama ta biyo ta gida ta ba ta labarin gobarar.

“Ba sai kin biya ba.”

“Ai na yi alkawari. Sai dai ban san wane labari zan kai ba. Ko in ce ƙaramar matsala ce an gyara, kowa yana bakin aikinsa. Ko in ce an kori mutum, ga kuma dalili, har da hotuna.” Ta zaro biro daga jaka ta miƙa masa. “Ga shi, sa hannun. Na ga naka ba ya kusa.”

Darakta ya karɓi takardar daga hannun Baba Birki. Biron bai karɓa ba. Ya riƙe ta nesa da ido, ya karanta daga sama har ƙasa yana ɓata fuska.

“Wannan takarda ba ta yi ba,” ya ce. “Tazarar layukan ta yi yawa. Ba zan sa hannu a aikin ganganci ba.”

“In sake bugawa, Yallaɓai?” in ji Sakatariya.

Ya dube ta. Ita ma ta dube shi, ido cikin ido, karo na farko cikin shekara tara.

“Ki bari sai na neme ta.”

“To ba ni wannan ɗin in adana. Akwai kwanan wata a jiki.”

Ya miƙa mata, don bai sami hanyar hanawa ba. Ta ninke ta huɗu ta sa a jakarta, ta fito da kofi daga leda ta mayar da shi wurinsa. Auta ta goge layin hukuma gaba ɗaya, ta bar masa sauran sittin da biyu, ta ce wannan tsakaninsa da su ne. Koriya ma ta ce a bar ta, domin ranar da wani shafi ya sake gardama, da ita za a fara gane ko daga ina ne. Darakta ya ce dama yana da niyyar ba da wannan umarni.

Haƙuri bai bayar ba, ranar ko bayanta. Irinsu ba sa bayarwa. A ganinsu idan suka fasa zaluntar ka sun yi maka kyauta.

Ranar Litinin da safe ya tsayar da mota a bakin ƙofa ya jefa makulli. Baba Birki ya cafe, ya juya shi a hannu, ya ce yau kafaɗarsa na ciwo, ko Maigida zai nuna wa sababbin ɗalibai yadda ake yi? Darakta ya ce motar ta kwana a inuwa, gara ta sha rana. A bakin ƙofa ta wuni.

Sakatariya kuwa da ta zauna ta tarar an yi wa kwamfuta aiki. An yanko kwali daidai tafin hannu, an manna shi da salatif daga sama a gefen dama na gilashin, daidai inda matar hukuma take murmushi. A bango kuma, ƙarƙashin doka ta sha bakwai, an ƙara ta sha takwas da biro: kada wanda ya cire kwalin nan.

Ta shiga shafi, ta cike fom ɗin ɗalibi na farko. Ta kai ido dama. Akwatin yana inda yake kullum, wato a bayan kwali.

Ba ta cire ba. Ta sa ɗan yatsa ta ɗaga shi, ta ɗora hoto, ta danna madanni, ta sake shi ya koma. Daga ɗaya ɗakin Darakta ya ɗaga murya.

“Yaya shafin yau?”

“Lafiya lau, Yallaɓai.”

“Kin gani ko? Abu idan aka bi shi da ilimi.”

Ta jawo fom na biyu.